PS4 ta ƙi shiga PSN kuma agogonta ya koma 1969, ina matsalar take?

Mai Gidan Gem: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da PS4 guda huɗu a shagona, duk a kan Wi-Fi ɗaya suke. Uku na shiga PSN lafiya lau, ta huɗun ce ta ƙi. Wannan ɗin ta hannu ce na saya, kuma ta jima a ajiye a kwali saboda talabijin ɗinta ta lalace, sai yau na fito da ita. Idan na yi Test Internet Connection, Obtain IP Address na cewa Successful, Internet Connection ma Successful, amma PlayStation Network Sign-In sai Failed. Na buɗe burawuzar cikinta, shafukan da na gwada sai gargaɗi suke fitarwa a kan satifiket na tsaro. Wasannin da na saya ta intanet kuma duk an maƙala musu ɗan kwaɗo. Me ke faruwa?

Ɗan Autan Fagge: Wa alaikumus salam. Oga sabis ne kawai. Yau tun safe intanet ke wasa da mutane. Canza layi ko ka jona ta da hosfot na wayarka.

Mai Gidan Gem: Ɗan Auta, to sauran ukun da wane sabis suke shiga? Hosfot ɗin ma na gwada, duk ɗaya.

Ɗan Autan Fagge: To shiga Safe Mode ka yi mata Initialize PS4, ta dawo sabuwa fil. Ni haka nake yi idan ta fara min taurin kai.

Anti Injiniya: Malam, don Allah kada ka taɓa Initialize. Zai share maka wasanni da duk abin da yara suka adana, ka dawo kana sauke gigabait hamsin-hamsin da kuɗin datarka, kuma in abin da nake zato ne, matsalar na nan daram bayan ka gama. Kafin komai shiga Settings, sai Date and Time, ka faɗa mana abin da ta rubuta.

Mai Gidan Gem: Ikon Allah. Anti, 1969 ta rubuta. Ko mahaifina bai yi aure ba a lokacin.

Anti Injiniya: To ga ɓarawon nan. Shiga Date and Time Settings ka zaɓi Set Using Internet. In ta ƙi, ka zaɓi Set Manually ka sa kwanan watan yau da hannunka, ka kashe ta gaba ɗaya, ka sake kunnawa, sannan ka gwada shiga.

Ɗan Autan Fagge: Haba Anti, agogo kuma? Me ya haɗa agogo da fasiwod? Ni agogon bangon ɗakina ya shekara a tsaye, ban ga ya hana ni shiga komai ba.

Anti Injiniya: Ƙanena, fasiwod ɗin ma ba a kai gare shi ba tukuna. Kafin na'urar ta yarda ta miƙa sunanka da kalmar sirrinka, sai ta tabbatar da cewa da sabar PlayStation ta gaskiya take magana, ba da wani da ya tsaya a tsakani yana kwaikwayonta ba. Sabar ce ke fara miƙo takardar shaidarta, satifiket ɗin da Malam ya ga ana gargaɗi a kansa. A jikin takardar akwai sunan shafin da aka yi ta dominsa, da sa hannun hukumar da ta bayar, da ranaku biyu: ranar da ta fara aiki da ranar da za ta ƙare. Na'urar sai ta ɗauki ranakun nan biyu ta kwatanta da yau. Daga ina ta san yau? Daga agogonta.

Kamar mai gadi ne a bakin ƙofa da aka ce ya duba katin shaidar duk mai shiga, amma kalandar da ke rataye a ɗakinsa ta shekarun baya ce. Ka kawo kati mai kyau da aka yi maka bana, ya duba kalandarsa, ya ce ai wannan ranar ba ta zo ba tukuna, katin jabu ne. A wurinsa aikinsa yake yi daidai.

Na'urar da ke ganin 1969 take ciki, duk wani satifiket da ke aiki a duniya yau a wurinta bai fara aiki ba. Sai ta katse maganar tun kafin a zo kan fasiwod. Shi ya sa gwajin ke nuna akwai intanet amma shiga ta gagara: samun adireshin IP ba ya buƙatar satifiket, shiga asusu kuwa sai da shi.

Mai Gidan Gem: Na fahimta. Amma Set Using Internet ta yi ta juyawa ta ƙi. Na yi Set Manually, na sa 03/11/2025, ƙarfe huɗu na yamma, na kashe na kunna. Har yanzu Failed. Gargaɗin satifiket ɗin ma bai tafi ba a wasu shafukan, ko da yake wasu yanzu sun buɗe.

Ɗan Autan Fagge: Na faɗa muku ba agogo ba ne.

Na Maraɗi: Sannunku. Ni ina ganin yankin lokaci ne. In Time Zone ba daidai ba ne, ko minti biyar agogo ya kauce ba za ta shiga ba. Mu da ku duk UTC+01:00 muke, Nijar da Najeriya, wato awa ɗaya gaba da UTC, agogon da duniya ke auna lokaci da shi. Malam ka duba nan.

Anti Injiniya: Malam Na Maraɗi, a duba yankin kam, zan dawo kansa. Amma batun minti biyar ɗin bai shafi satifiket ba. Satifiket watanni yake yi. A Satumban 2020 aka taƙaita na shafukan intanet kada su wuce kwana 398, wasu kuma, irin na Let's Encrypt, kwana 90 suke yi. Minti biyar ko awa ɗaya ba za su fitar da kai daga tazara irin wannan ba, sai in an yi rashin sa'a a ranar aka sabunta shi ko a ranar zai ƙare.

Abin da ya ja hankalina shi ne da Malam ya ce wasu shafuka sun buɗe, wasu sun ƙi. Wannan alamar agogon ya matso kusa ne amma bai iso ba. Malam, lokacin da ka ga 1969, yaya aka rubuta shi gaba ɗaya? Ka tuna?

Mai Gidan Gem: Na ɗauki hoto ma. 12/31/1969, 7 da 'yan mintoci PM.

Anti Injiniya: Madalla. Wannan layin ɗaya ya faɗi abu uku.

Na farko, agogon ya koma sifili ne, ba wani yaro ne ya taɓa ba. Irin waɗannan na'urori suna ƙirga lokaci da daƙiƙoƙi ne tun daga tsakar daren 1 ga Janairu 1970 a agogon UTC. In ƙirgen ya ɓace, nan suke komawa.

Na biyu, ita taka ba 1970 ta nuna ba, ta nuna ƙarfe bakwai na daren jajibirinsa, wato awa biyar kafin sifilin. Ke nan yankin lokacinta na gabashin Amurka ne, irin su New York, UTC-05:00. Daga can aka kawo ta, ba wanda ya canza.

Na uku kuma shi ne ya kama ka yanzu. Babu wata na 31 a shekara, don haka 12/31 na nufin wata take fara rubutawa, sannan rana. Kai ka sa 03/11 da nufin 3 ga Nuwamba, ita kuma ta karanta 11 ga Maris. Kusan wata takwas take baya. Shafin da satifiket ɗinsa ya fara aiki kafin 11 ga Maris kuma bai ƙare ba, shi zai buɗe. Wanda aka sabunta a Yuli, alal misali, ko a watan jiya, a wurinta bai fara aiki ba. Ga dalilin da ya sa wasu ke buɗewa wasu na ƙi.

Mai Gidan Gem: Kai! Wallahi haka ne, Date Format ɗin MM/DD/YYYY ne. Sauran ukun duk rana suke farawa, ido ya saba.

Anti Injiniya: To bi da bi. Fara da Time Zone, ka zaɓi UTC+01:00. In wanda ka samu birnin Turai ne, ka tabbata Adjust Daylight Saving Automatically a kashe yake, domin mu ba ma ƙara awa da rani, su kuwa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna ƙarawa. Sai ka mayar da Date Format zuwa DD/MM/YYYY don kada wani ya sake faɗawa ramin. Bayan nan ne za ka sa rana da lokaci.

Dalilin fara gyara yankin shi ne inda Malam Na Maraɗi yake da gaskiya. Satifiket da agogon UTC ake rubuta shi, na'urar ma a ciki da UTC take aiki, yankin ne ke faɗa mata nawa za ta ƙara ko ta rage kafin ta nuna maka. In ka bar ta a New York ka sa mata ƙarfe huɗu na yamman Kano, za ta lissafa cewa ƙarfe tara na dare ne a UTC, alhali ƙarfe uku na rana ne. A fuska agogon daidai yake da na wayarka, a ciki kuwa awa shida yake gaba. Yawanci hakan ba zai hana shiga ba, amma ranar da ta saita kanta daga intanet za ka ga agogo ya koma baya da awa shida, ka sake gyarawa da hannu, ku yi ta zagaye.

Na Maraɗi: To ai maganata ke nan, Hajiya.

Anti Injiniya: Rabinta, Malam.

Mai Gidan Gem: Alhamdu lillahi! Ta shiga. Na gyara yanki, na sa rana, na kashe na kunna, Sign-In ya ce Successful. Na sake danna Set Using Internet, wannan karon ta karɓa nan take. Sai dai kwaɗon nan yana kan wasa biyu har yanzu.

Anti Injiniya: Settings, Account Management, Restore Licenses. Ka kuma duba Activate as Your Primary PS4 a wuri ɗaya, ko asusun da ya sayi wasannin yana ɗaukarta a matsayin babbar na'urarsa.

Oga Mai Gyara: Na zo a makare, amma Alhaji kada ka yi murna da yawa. Anti ta gyara maka yau, ba ta gyara maka gobe ba. Abin da ya mayar da agogon sifili shi ne batirin da ke kan bod ya mutu. Ɗan batir ne mai faɗin kwabo, CR2032, bolt 3, irin na cikin kwamfutar tebur. Shi ke riƙe agogo idan an zare fulogi ko an ɗauke wuta. PS4 ta fito ne a Nuwamban 2013, ka ga na farko-farkon sun haura shekara goma da batirin da suka zo da shi. Irinsu na shigo min shago sosai yanzu.

Gwajin ba wuya. Kashe ta sosai, ba Rest Mode ba, ka jira fitilar ta mutu, ka zare waya daga soket, ka bar ta kamar minti goma, ka mayar. Kafin ta kama Wi-Fi ka duba agogo. In ta tambaye ka kwanan wata ko ta koma 1970, batir ya tafi. Yanzu da ka gyara yanki ba za ka ƙara ganin 1969 ba, 01/01/1970 za ka gani, ƙarfe ɗaya na dare.

Mai Gidan Gem: Oga ni da wuta ke tafiya ta dawo ba adadi a yini, kullum ke nan sai na sa agogo?

Oga Mai Gyara: Har sai ka canza batir, eh. Kuma ba aikin buɗe murfi ka ciro ba ne. Sai an warware ta sosai kafin a kai ga bod: sukurorin bayanta masu kan tauraro da ɗan tsini a tsakiya ne, sukudireban gida ba ya kama su, ga siraran wayoyi masu kama da leda da ke yagewa in an fizge. In kuma aka ɗaga bod daga ƙarfen da ke sanyaya ta, dole a goge tsohon man da ke kan firosesa a sa sabo, in ba haka ba ka gyara agogo ka sayi zafi, fanka ta riƙa ihu. Ni idan na buɗe, nakan ɗora mita a kan tsohon batirin a gaban mai kaya. Sabo yakan nuna 3.2 ko 3.3. Wanda ya mutu sau da yawa ko 2 ba ya kaiwa. Sabon ma sai na auna shi kafin na rufe, domin akwai waɗanda suka tsufa a kati tun a kasuwa, kada a rufe na'ura da gawa.

Tunda za a buɗe, a busa ƙurar fanka gaba ɗaya. Ƙurar hunturun da nake kwasowa daga cikin na gidajen gem, sai ka gani.

Baban Khalifa: Wannan zance ya tuna min 2010, lokacin yawancinku kuna firamare. Ranar 1 ga Maris aka wayi gari manyan PS3, masu ƙiba na farkon nan, sun rikice a duk duniya. Kwanan wata ya koma 1 ga Janairu 2000, shiga PSN ta gagara, lambar da ke fitowa 8001050F, ban manta ta ba. Wasu wasannin masu kofuna ko ba intanet sun ƙi tashi. Agogon ciki ne ya ɗauka 2010 shekara ce mai 29 ga Fabrairu, ranar da babu ita. Kamfanin ya ce kowa ya bar tasa a kashe, bayan kwana ɗaya ta warware da kanta. Siraran ba abin da ya same su. Don haka ni shawarata, Alhaji, ka bar ta ta kwana, irin wannan da kansa yake gyaruwa.

Oga Mai Gyara: Baba, tarihin daidai ne, shawarar ce ba ta hau ba. Waccan kuskuren lissafi ne na rana ɗaya, da ranar ta wuce ya wuce. Mataccen batir ko shekara ya kwana ba zai tashi ba.

Baban Khalifa: To shi ke nan. Amma a lokacin mun sa kwanan wata da hannu bai yi amfani ba. Me ya sa na Alhaji ya yi?

Anti Injiniya: Tambaya mai kyau, Baba. Agogo biyu ne a ciki. Akwai wanda kake gani kuma kake iya canzawa a Settings. Akwai na ɓoye da ba a ba ka ikon taɓawa ba, wanda kofuna da lasisin wasanni ke dogara da shi, don kada mutum ya mayar da kwanan wata baya ya yi ta amfani da abin da wa'adinsa ya ƙare. Na ɓoyen daga sabar kamfanin kaɗai yake karɓar lokaci. A 2010 na ɓoyen ne ya maƙale a ranar da babu ita, hannu ba ya kai masa. Na Malam kuwa duka biyun ne suka koma sifili. Da ya gyara na fili aka samu hanyar magana da sabar, ita kuma ta saita na ɓoyen. Shi ya sa bai isa ka sa da hannu ka tsaya nan ba, sai ta haɗu da PSN ko sau ɗaya.

A kan wannan aka yi ta surutu a 2021, da aka gano cewa PS4 mai mataccen batir, in ba ta samu PSN ba, ko wasan faifai ba ta kunnawa. Sabuntawar 9.00 da ta fito a Satumban shekarar ce ta gyara wannan: wasa zai tashi, sai dai kofin da ka ci ba za a rubuta masa rana ba.

Ɗan Zangon Kumasi: Salamu alaikum manya. Ni ma matsalata ke nan daidai. Ina sa fasiwod ya wuce, sai a nemi lamba shida ɗin nan ta manhajar tantancewa da ke wayata, in sa, a ce ba daidai ba. Na gyara agogon PS5 ɗina sau nawa, ba canji. Batirin zan canza?

Anti Injiniya: A'a ɗan'uwa, taka daban ce, kada ka buɗe komai. Tunda har an karɓi fasiwod aka nemi lamba, satifiket ya riga ya wuce, agogon PS5 ɗinka lafiya yake. Agogon wayarka za ka duba. Lambar nan wayar ce ke lissafa ta daga lokacin da take gani, kuma duk daƙiƙa 30 take canzawa. A nan ne minti biyar ɗin Malam Na Maraɗi ke aiki, ko minti biyu ma ya isa. Kunna saitin da wayar ke ɗaukar lokaci da kanta. Ka kuma duba yanki: Gana a kan UTC take cif, ba ƙari. In wayar na kan yankin Legas kai kuma ka ja agogon baya da hannu don ya dace da na Kumasi, ka kauce da awa guda cur.

Ɗan Zangon Kumasi: Wayar daga Legas ɗan'uwana ya aiko min ita kuwa. Bari in duba.

Na Maraɗi: Kun gani? Sauran rabin ya dawo.

Maman Ikram: Ni tambayata, duk lokacin da aka ga gargaɗin satifiket agogo ne? Ta yarana Nintendo Switch ce, kwanakin baya ta ƙi shiga shagon wasanni, na duba agogo daidai yake har minti, Synchronize Clock via Internet ma a kunne. Ashe data ce ta ƙare a MiFi. Da na sa data komai ya dawo.

Anti Injiniya: Ba kullum ba, Maman Ikram, kuma naki misali ne mai kyau. Abu uku ake dubawa a takardar: rana, suna, da sa hannu. Agogo na farkon kaɗai yake ɓatawa. Idan data ta ƙare, wasu layukan sukan karkatar da kai zuwa shafinsu na sayen data. Na'ura ta nemi sabar wasa, wani ya amsa da takarda mai wani suna, sai ta ƙi. Haka Wi-Fi na otal ko na makaranta da sai ka cika wani shafi kafin ya sake ka.

Hanyar rarrabewa mai sauƙi ita ce ki jona waya ko kwamfuta a Wi-Fi ɗin da na'urar ke kai, ki buɗe shafin kamfanin. In ya buɗe a waya lafiya, a na'urar wasa kaɗai ake gargaɗi, to laifin na cikin na'urar, a fara da agogo. In wayar ma ta yi gargaɗi, laifin na kan layin. Chrome ma yakan faɗi iri: `NET::ERR_CERT_DATE_INVALID` na rana ne, `NET::ERR_CERT_COMMON_NAME_INVALID` na suna, `NET::ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID` na sa hannu.

Mai kwamfuta da ke son ganin ranakun da idonsa:

```
openssl s_client -connect www.playstation.com:443 -servername www.playstation.com </dev/null 2>/dev/null | openssl x509 -noout -dates
```

Layi biyu zai fito, `notBefore` da `notAfter`. Duk agogon da bai faɗa tsakaninsu ba, wannan shafin zai ƙi shi.

Ɗan Autan Fagge: To Anti, in satifiket ya ƙare, ba sai mutum ya mayar da agogonsa baya ba ya wuce? Na ga masu tsofaffin waya na yin haka.

Anti Injiniya: Sun yi, musamman bayan 30 ga Satumba 2021, ranar da wani tsohon tushen satifiket mai suna DST Root CA X3 ya ƙare, tsofaffin na'urorin da ba su san magajinsa ba suka fara gargaɗi alhali agogonsu daidai. Amma dabarar ba ta ɗorewa. Ka ja agogo baya don tsohon ya rayu, sababbin da aka bayar bayan ranar duk su zama ba su fara aiki ba, abin da ya sami Malam ɗazu ke nan. Kuma tazarar ƙara matsewa take yi: an riga an amince a rage wa'adin satifiket zuwa kwana 200 daga Maris 2026, a yi ta ragewa har kwana 47 a 2029. Kuskuren wata biyu da na'ura kan tsallake da shi yau, nan gaba ba za ta tsallake ba. Maganin irin wancan shi ne sabunta manhajar na'urar, a cikinta sababbin tushen suke zuwa.

Baban Khalifa: To ni PS3 ɗina fa? Na fito da ita saboda wannan hirar, na sa rana daidai, yanki daidai, tana cewa fasiwod ba daidai ba, kuma da shi nake shiga a waya.

Oga Mai Gyara: Baba wannan ba agogo ba ne. Tun sabuntawar 4.89 ta 2022, PS3 ba ta karɓar fasiwod ɗinka na kullum. Sai ka shiga asusunka ta waya ko kwamfuta, ɓangaren tsaro, ka ƙirƙiri Device Setup Password, shi za ka sa mata. Ita ma batirinta CR2032 ne, amma a masu ƙiba na farkon nan mai 'yar waya ne da kan jonawa, ba irin wanda ake zurawa a gurbi ba. In za ka saya ka faɗa wa mai shago haka.

Na Maraɗi: Oga, in mutum ya bar ta a jone da wuta kullum, batirin zai fi daɗewa ko? Ni a sola nake, ba na zarewa.

Oga Mai Gyara: A abin da nake gani a shago, eh. Waɗanda suka daɗe a kwali ko a kwantena su suka fi zuwa da mataccen batir.

Anti Injiniya: Oga, waɗanda suka daɗe a kwali ai su ne tsofaffin tun asali. Shekaru ne ko kwalin? Ni ba zan ce wa mai janareta ya bar na'ura a jone don ya ceci batir ba, wutar da ke hawa da sauka abin da za ta ƙona ya fi batirin tsada nesa ba kusa ba.

Oga Mai Gyara: Wannan kuma gaskiya ne, amma ni dai ban janye ba. Ina da biyu sa'o'in juna a shago, ta mai sola har yanzu tana riƙe agogo.

Maman Ikram: Xbox fa? Ƙanena na da 360, kullum 2005 take nunawa.

Oga Mai Gyara: Ita ba ta da irin batirin nan tun asali, Hajiya, ba lalacewa ba ce. In an zare ta ta jima sai ta koma 22 ga Nuwamba 2005, in ta samu intanet ta gyara kanta. Kada wani ya karɓi kuɗinsa da sunan canza batir.

Mai Gidan Gem: Ga rahoto. Restore Licenses ya cire kwaɗon, wasannin biyu sun tashi. Na yi gwajin Oga da daddare bayan yara sun watse, na zare minti goma na mayar: 01/01/1970, ƙarfe ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, kamar yadda ya ce. Na sa rana da hannu ta sake shiga. Na rubuta matakan a takarda na manna a gefen talabijin saboda yaron shago, har da cewa rana ake fara sawa. Oga, in na kawo ta da safe zan samu kafin la'asar? Da yamma ake cika.

Oga Mai Gyara: Kawo kafin ƙarfe goma. Ka fara kwafe abin da yara suka adana a filas, Settings, Application Saved Data Management, ba don canza batir na sharewa ba, don dai ni ba na buɗe na'urar da ba a kwafe ba. Ka taho da MiFi ɗinka kuma, domin bayan an sa sabon batir ma daga sifili agogon zai fara, sai ta shiga PSN sau ɗaya a gabanka kafin ka ɗauka.

Ɗan Zangon Kumasi: Anti, wayar a yankin Legas take. Na gyara, lambar ta shiga.